Na sayi memori giga 256 a intanet ashe jabu ne, bidiyon bikin mutane ya tafi

Abban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ban yi barcin kirki ba. Aikina ɗaukar bidiyon biki, shekara shida ke nan, ban taɓa jin kunya a gaban mai aiki ba. Na ga memori giga 256 a wata kasuwar intanet, da tambarin sanannen kamfani, an rubuta na asali, N11,000. Na yi oda saboda bikin 'yar maƙwabcinmu, mutumin da ya tsaya min lokacin da mahaifina ya kwanta asibiti, ko cinikin aikin ban yi da shi ba. Na ɗauki kamu, ɗaurin aure da dina duk a kansa. Na kamu yana buɗewa, sauran ga sunansu ga nauyinsu amma ba sa buɗewa. Na kai ƙorafi, mai kayan ya kira ni ya ce in janye zai aiko min da wani. Ni kuɗina nake so, kuma a kore shi daga kasuwar. Ya zan yi?

Maman Walid: Innalillahi. Allah Ya musanya maka. Ni ma haka aka yi min da turare, kwalba sak ta asali, na fesa sai warin sinadari. Wata biyu ina kira suna cewa ana dubawa, har na gaji. Ka karɓi canjin kawai ka huta.

Sadiq Ɗan Boko: Yaya kar ka yi saurin cewa jabu ne. Duk memori ba ya cika abin da aka rubuta, na 256 ma 238 kwamfuta ke nunawa. Wataƙila kyamararka ce. Ka sa manhajar dawo da fayil, za su dawo.

Malam Habu Mai Gyara: Sadiq, maganar 238 gaskiya ce, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da kwamfuta. Amma wannan wani ciwo ne daban, kusan kullum ana kawo min irinsa shago. Ƙaramin memori suke samu, mai giga 32 ko 8, su sauya bayanin da ke cikinsa ya riƙa faɗa wa waya da kyamara cewa shi 256 ne. Kyamara ta yarda ta ci gaba da zubawa. Sunan fayil da nauyinsa suna shiga jeri, shi ya sa kake ganinsu, amma bidiyon kansa bai samu wurin zama ba. Abban Hanifa, duba min nauyin waɗanda ke buɗewa gaba ɗaya. Sannan yaushe kayan ya iso hannunka, kuma ta yaya ka biya?

Abban Hanifa: Malam na haɗa, giga 28 da ɗan wani abu. Ya iso kwana 9 da suka wuce, da kati na biya.

Malam Habu Mai Gyara: To mai 32 ne aka yi wa riga. Ka yi haƙuri ƙanena, na ɗaurin aure da dina ba za su dawo ba, don ba a taɓa ajiye su ba balle a dawo da su. Kar ka ba kowa kuɗi a kan zai ciro maka.

Yanzu hujja. Fara kwafe duk abin da ke ciki zuwa kwamfuta, wuri biyu. Sai ka goge memorin tas, ka sauke H2testw, kyauta ne, ka zaɓi memorin ka danna Write + Verify. Zai cika shi da bayanai har bakin da yake iƙirari, sannan ya koma ya karanta ya ga nawa ne suka zauna. Zai iya cin dare guda, ka tabbatar da wuta. In jabu ne zai nuna kamar giga 29 OK, sauran ya rubuta DATA LOST. Ka ɗauki hoton allon da memorin a gefe.

Dalilin da na nace: in ka mayar musu haka kawai, mai dubawa zai soka a kwamfuta ya ga 238, ya kwafa hoto ɗaya ya buɗe, ya rubuta kaya lafiya lau, a dawo maka da shi. A cikin ƙorafin ka ce su zuba giga 40 sannan su buɗe na ƙarshe.

Kuma kar ka janye. Da ka danna janyewa, a wajen kasuwar magana ta mutu, ka koma kai da mutumin da lambar waya kawai ka sani.

Abban Hanifa: Na gode Malam. Amma gaskiya mutumin ya yi magana da ladabi, ya ce shi ma a haka dila ya ba shi. Kuma taurarinsa huɗu da rabi, mutum fiye da ɗari sun yaba, shi ya sa na saya. Ba sakaci na yi ba.

Malam Habu Mai Gyara: Masu yabon ranar da kaya ya iso suke yabawa, kafin su zuba ko giga 5. Canjin da zai aiko daga wane kwali zai ɗauko?

Hajiya Binta: Ni tambayata, da za ka shigar da ƙorafin wane dalili ka zaɓa? Ina sayar da atamfa a irin waɗannan kasuwanni, na san yadda abin yake. In ka zaɓi kaya ba ya aiki, lalacewa ce, canji ko gyara za su ce, kuma in wa'adin mayarwa kwana 7 ne ka riga ka wuce. Jabu kuwa laifi ne a kan mai shago, ana iya rufe masa shago, shi ya sa ya kira ka da ladabi. Ka rubuta musu a imel, ban da waya: lambar oda, ranar da ya iso, hoton tallan inda aka ce na asali, kuɗin da kake nema, da buƙatar a sauke tallan a binciki shagon. Ka ɗauki hoton tallan yau, gobe zai iya gogewa. Kwalin yana nan?

Abban Hanifa: Ba ya aiki na zaɓa Hajiya, ai a lokacin ban san jabu ne ba. Kwalin kuma yara sun yaga. Wa zai ajiye kwalin memori?

Baffa Na Sabon Gari: Duk ku bar wannan. Wanda ya sayi abu bai taɓa da hannunsa ba shi ya so. Ka zo kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a gwada maka a gabanka. Ni ɗana ya yi odar takalmi aka kawo ƙafa ɗaya 42 ɗaya 44.

Malam Habu Mai Gyara: Baffa, a kasuwa ma akwai su, kuma gwajin minti biyu ba ya kama su. Abban Hanifa, in kasuwar ta ƙi, akwai FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya. Dokarta ta 2018 ta ce kaya sai ya dace da yadda aka siffanta shi, ana kai musu ƙorafi ta intanet da hujjoji. Tunda da kati ka biya, ka je bankinka ma ka cike takardar neman a dawo da kuɗin, ka haɗa da amsar kasuwar. Kar ka ja lokaci, shi ma da wa'adi.

Maman Walid: A kan dubu sha ɗaya? Kuɗin mota da data sai su cinye rabi. Ni dai ka nemi waɗanda suka ɗauki dina da waya ka haɗa wa amarya wani abu, wannan ya fi gaggawa.

Hajiya Binta: Tallan na nan fa, wani zai saya yau ya je ya ɗauki nasa bikin.

Abban Hanifa: Na sa gwajin tun magariba, ya kai giga 61 wuta ta ɗauke. Mutumin ya sake kira, yanzu ya ce zai turo min N11,000 ta asusuna har da dubu biyar a kai, in dai na janye kafin gobe da azahar. Uban amarya kuma ya aiko yaro sau biyu, ban san me zan ce masa ba. In na karɓi kuɗin ban janye ba, na ci amana ke nan?