In kunna JavaScript a WebView ko in bari?

Sabon Hannu: Salam 'yan uwa. Wani mai shagon yadi ya ba ni aikin manhajar Android, shafin shagonsa kawai yake so ya fito a ciki. Na sa WebView, shafin ya fito fari fat sai da na sa `setJavaScriptEnabled(true)`. Yanzu Android Studio na yi mini gargaɗin XSS, wato kutsen da ake cusa wa shafi mugun JavaScript. Kuma ina so in sa `addJavascriptInterface` don shafin ya karɓi lambar wayar mai saye. Jibi zan miƙa aikin.

Ɗan Kantin Kwari: Kunna abinka malam, kowa haka yake yi. Nawa ka caje shi?

Sabon Hannu: Dubu 80.

Ɗan Kantin Kwari: Kai! Ni dubu 250 nake karɓa.

Maman Islam: A ina? Nan dubu 40 ma sai an sha ciniki. Ƙanena, kunnawar ba ita ce babbar matsalar ba, idan shafinku kaɗai ke buɗewa. Gadar nan da kake son ginawa tsakanin shafin da manhajar da `addJavascriptInterface` ita ce abin tsoro. Duk abin da ya buɗe cikin WebView ɗin zai iya kiranta, har tallan da ke cikin `iframe`, kuma ba za ka san wa ya kira ba.

Injiniya Ba Satifiket: Ai an toshe wannan tun Android 4.2.

Maman Islam: Abin da aka toshe shi ne kaiwa ga sauran hanyoyin Java ta bayan gida. Wanda ka sa wa `@JavascriptInterface` da hannunka a buɗe yake har gobe.

Bazazzage: Ni ya ci ni. Na yi wa wata ƙungiyar adashe manhaja, gadata tana miƙa wa shafi makullin shigar mamba. Wai ni mai wayo, na tace adireshi haka:

```
if (url.contains("example.com"))
```

Shafin yana da wajen sharhi. Wani ya liƙa mahaɗi irin `https://wani.test/?x=example.com`, tacewar ta ga sunanmu a ciki ta bar shi ya wuce, shafinsa ya kira gadar ya kwashe makullan. Ban farga ba sai da mata uku suka ce an canza musu lambar asusun karɓar kuɗi. Da a ce na ciro sunan shafin da `getHost()` na kwatanta da `equals`, da bai wuce ba. Wata biyu ina biya daga aljihuna, shugabar har gidanmu ta je ta samu mahaifiyata.

Ɗan Kantin Kwari: Matan adashe? Gara 'yan sanda wallahi 😂

Injiniya Ba Satifiket: To wanda aka yi wa kutse ne zai koyar da tsaro?

Bazazzage: Wanda maciji ya sara ai ya fi ka sanin ramin.

Maman Islam: Lambar waya dai mai saye ya rubuta ta a shafin, ka huta da gada. In nuna shafi ne kawai, duba Custom Tabs, burauzar wayar ce ke ɗaukar nauyin.

Sabon Hannu: Anti, Alhajin ba ya son ganin adireshi a sama, wai sai ta zama kamar ba manhaja ba.

Bazazzage: Ya ba ka kafin alƙalami kuwa? Ni wani tun azumi yake riƙe mini cikon kuɗi, wai sai manhajar ta hau Play Store, alhali dala 25 ta rajista ma ya ƙi biya.

Ɗan Kantin Kwari: Kai naka da sauƙi. Nawa da shadda yadi biyar ya biya ni.