Baƙin man tirela a zafin Hijaz: 20W-50 ko 15W-40?

Sani: Yayyena, tirela ce mai ɗibar tsakuwa fiye da ƙima, tana hawan Ɗa'if ta hanyar Sail. An ce a wannan zafin 15W-40 ruwa ne, sai 20W-50. Wasu kuma sun ce 10W-30 ya fi rage shan dizal. Wanne ne?

Alhaji Bala: Zuba 20W-50 ka huta. Gejin firesha zai tashi, ka gani da idonka.

Mu'allim Isa: Alhaji, geji zai tashi kam, amma abin da yake nunawa shi ne man na wucewa da ƙyar. Idan littafin motar bai ambaci 20W-50 ba, ka ƙara wa injin wahala da shan dizal ne kawai, kuma da asuba man zai yi jinkirin isa tobo. Abin dubawa shi ne kaurin man a cikin metal lokacin da ya yi zafi, wanda ake aunawa a digiri 150 a rubuta HTHS. Na 15W-40 ba ya gaza 3.7. Na 10W-30 mai tambarin CK-4 yana farawa daga 3.5, na mai tambarin FA-4 kuwa 2.9 zuwa 3.2 ne. Mota mai lodi tana jan hawa, injin na nishi a ƙaramin gudu, a nan fatar man ke sirancewa. Ni 15W-40 zan zuba, CI-4 ko sama, mai lambar amincewar kamfanin injin.

Habu: Amma dizal ya yi tsada, Mu'allim. Ribar 10W-30 ba abin rainawa ba ce.

Mu'allim Isa: Mu yi lissafi. Ribar ba ta cika wuce kashi 1 cikin 100 ba. A ce motar na shan lita 45 a kilomita 100: a kilomita 1,000 lita 450 ke nan, ka tsira da lita 4.5. Auna wannan da kuɗin sauke injin in ya buga. Sabon injin da aka ƙera don siririn mai, da lodin ƙa'ida, ban musa ba. FA-4 dai kada ya shiga tsohon injin.

Ɗanjuma: Tawa 15W-40 take sha, amma man sai ƙaruwa yake a sanda, yana warin dizal. Zafi ne ya narka shi?

Mu'allim Isa: A'a, dizal ne ke sauka cikin man. A duba nozul yau, kauri ba zai rufe wannan ba. Sani, ƙurar wurin fasa dutse ta fi lambar mai cin ringi. Cire hos ɗin da ke bayan filtar iska, ka shafa yatsa a ciki. In ka ji gari, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya: kilif ya saki ko filta ta yage. Busa filta da iska mai ƙarfi shi ke yaga ta. Juyen mai kuma a bi tazarar aikin wahala da ke littafin, a sauya filtar mai kowane juye.

Alhaji Bala: Na ji. Amma injin da ya tsufa, firesha na faɗuwa a tsaye, har yanzu 20W-50 nake gani.

Mu'allim Isa: Zai lallaɓa shi zuwa gareji, Alhaji, amma metal ɗin sai an sauya.