Buhu ɗaya, bido ɗaya: ko da rairan ya sha ruwa?

Alhaji Sani: Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar za mu zuba dal ɗin gidana a Ali Ɗan Sofo, siminti buhu 42. Maso ɗina ya ce ƙa'ida ita ce buhu ɗaya, bido ɗaya na lita 25, rani da damina. To jiya da dare ruwan sama ya yi wa rairan duka, dama daga gulbi aka kwaso shi da danshinsa. Ɗana ya ce sai an rage ruwa. Wa ke da gaskiya?

Baba Idi Maso: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maso ɗinka bai yi ƙarya ba. Tun muna yaran maso haka muka tarar, kuma gidajen da muka zuba suna nan tsaye. Ɗan danshin rairai mi zai yi wa beto? Kafin a gama juyawa rana ta shanye shi.

Hadiza (awon kayan gini): Ina wuni, Baba. Lita 25 ɗin nan tana da asali, ban musa ba. Buhu kilo 50 ne, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, idan ana son ruwa ya zama rabin nauyin siminti, abin da muke rubutawa E/C = 0,5, to lita 25 ke nan. Sai dai wannan adadi na dukkan ruwan da zai haɗu da simintin ne, ba na wanda ya fito daga bido kaɗai ba. Siminti bai san wanne ne na bido wanne ne na gulbi ba.

Alhaji, ga abin da za ku yi. A tona tsibin rairan kamar tsawon hannu, a ɗebo daga ciki, don samansa iska ta riga ta busar. A ari sikeli wajen mai shago a auna giram 1000 daidai. A zuba a tsohuwar tasa a ɗora kan wuta ana motsawa har ya daina turiri, ya koma yana zuba kamar gishiri. In ya huce a sake aunawa. Mu ce ya dawo giram 943. Ruwan da ya fita giram 57 ne, a raba shi da nauyin busasshen:

57 ÷ 943 = 0,06

Kashi 6 cikin ɗari ke nan. A kwaɓin dal na buhu 7 a mita kubik, kowane buhu yana cin busasshen rairai wajen kilo 90, wato baro ɗaya cike.

Laminu ɗalibi: To ai an gama. Kashi 6 na kilo 90 lita 5,4 ne. A cire daga 25, saura 19,6. Alhaji ka sa su zuba lita 19 da rabi.

Hadiza: Ka yi sauri, ƙanena. Wuta ta kori ruwa iri biyu: wanda ke manne a bayan ƙwayar rairai, da wanda ƙwayar ta tsotse ta riƙe a cikinta. Na cikin ba ya fitowa ya shiga kwaɓi, don haka ba a cire shi. Ga rairan gulbi mai tsabta mukan ɗauke shi kusan kashi 1. Saura kashi 5, su ne za su shiga kwaɓi:

90 × 0,05 = 4,5
25 − 4,5 = 20,5

Lita 20 da rabi ga kowane buhu. Kuma in ana aunawa da sikeli, jiƙaƙƙen rairan da za a zuba kilo 95 da ɗan ɗori ne, ba 90 ba, tunda wani sashe na nauyinsa ruwa ne.

Alhaji Sani: Lita huɗu da rabi, Malama Hadiza? Ko rabin bokiti bai kai ba. A kan wannan za mu ɓata da maso?

Hadiza: Ranka ya daɗe, ninka shi sau 42. Lita 189, kusan tano guda, an juye cikin dal ɗinka ba wanda ya ƙirga. In aka zuba bido cikakke a kan wannan rairan, kowane buhu ya sha lita 29,5, wato 0,5 ta koma 0,59. Irin wannan hawa yakan ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin beto. Dalilinsa kuwa, ruwan da siminti ke haɗiyewa ya daskare kusan rubu'in nauyinsa ne. Sauran muna sa shi ne don kwaɓi ya juyu ya shiga tsakanin ƙarafa. Duk abin da ya yi rara zai bushe ya tafi, ya bar ƙananan ƙofofi inda ya zauna. Ta nan ruwan damina ke bi ya tarar da ƙarfe.

Mamman mai tifa: Ni dai ban yarda a hana beto ruwa ba. Bara ƙanin matata ya zuba nasa a Zariya, ya yi rowar kuɗin ga-ruwa, kwana biyu ya daina ba shi ruwa, dal ya tsattsage kamar ƙasan tabki a watan Afrilu.

Laminu ɗalibi: Kawu Mamman, wannan ban-ruwa ne na bayan an zuba. Shi kam a yi ta yi, sati guda ma bai yi yawa ba. Mu na cikin kwaɓi muke magana.

Mamman mai tifa: Af, to. Amma ku sani tifar da na loda da safe a gulbi da wadda na loda da la'asar ba ɗaya suke ba. Wata ruwa na ɗiga daga ƙyaurenta har in iso gari.

Baba Idi Maso: 'Yata, lissafinki ya yi kyau a takarda, amma wa ya taɓa ganin sikeli a wurin gini a garin nan? Da baro muke awo. Kuma akwai abin da ba ki faɗa ba. Jiƙaƙƙen rairai kumbura yake yi. Ki cika baro da shi, ki ga kamar ya cika, alhali rabinsa iska ce. Kilo 90 ɗinki ba su cikin baron, to ruwan da kike cewa ya ɓuya ciki ma bai kai haka ba. Shi ya sa ni in rairai ya jiƙe nake ƙara shebur uku ko huɗu, in ba haka ba kwaɓin sai ya fito tsakuwa zalla.

Hadiza: Wannan kam Baba ka fi ni gani, ni a kan sikeli na saba. Ba dai rabi ba, amma rairai mai danshin kashi 5 zuwa 6 yana iya kumbura da kashi 20 zuwa 30, mai laushi ya fi mai manyan ƙwayoyi. In mun ɗauki 25, baro mai lita 60 yana ɗauke da abin da bai wuce lita 48 na busasshe ba, wajen kilo 72. Ruwan da ke bayansa lita 3,6 ne, ba 4,5 ba. Ka rage mini lita ɗaya, na karɓa.

Amma dubi abin da shebur ɗinka huɗu ke yi. Kana mayar da rairan da ya ɓace, daidai ne, sai dai kowane shebur da ruwansa yake zuwa. Da ka cike gurbin rairan, mun koma kan lita huɗu da rabi. Gyara biyu ne ke tafiya tare: a ƙara rairai, a rage bido. Kai kana yin na farko kana barin na biyu. Wanda kuma bai yi ko ɗaya ba ya fi shiga uku, don kwaɓinsa zai yi ƙarancin rairai, ya ƙi kwanciya, lebura su ce ya yi tauri, su ƙara masa ruwa.

Kumburin ma ana gwada shi ba sikeli. A yanke kan gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, a zuba jiƙaƙƙen rairai ba dannawa har santimita 20. A juye shi gefe, a sa ruwa a gorar, a mayar da rairan a motsa. Rairan da ya nutse cikin ruwa yana komawa girmansa na busasshe. In ya kwanta a 16, ya kumbura da 4 a kan 16, rubu'i ke nan, sai a zuba baro ɗaya da rubu'i maimakon ɗaya.

Baba Idi Maso: Na gora na yarda da shi, zan gwada. Na lita 20 ne ban yarda ba. Ke ba ki riƙe shebur da azahar ba. Tsakuwa ta wuni a rana tana ƙuna, ita ma shan ruwa take yi, balle jar nan mai kama da marmara. In kuma a ƙasa ake kwaɓawa, ƙasa ta sha nata. Ki ba yara lita 20, kafin a hau da shi sama ya ƙi fita daga bokiti. A cire katako a ga ramuka kamar saƙar zuma a jikin bim, ƙarfe a waje. Wanne ya fi muni, wannan ko ɗan ruwan da ya yi yawa?

Hadiza: Duka biyun ɓarna ne, Baba. Maganar tsakuwa gaskiya ce, busasshiya tana sata daga ruwan kwaɓi. Maganinta a yayyafa mata ruwa tun da dare ta ƙoshi ta tsane, sai ta daina sata. A daina kwaɓi a kan turɓaya, a samu injin juyawa ko a yi daɓe. In bayan haka ya yi tauri, a ƙara ruwa tare da siminti, kowace lita ɗaya da kilo biyu, ma'aunin bai motsa ba. Ko a sa maganin nan mai sa beto laushi ba tare da ruwa ba.

Baba Idi Maso: Siminti kilo biyu kan kowace lita. Alhaji ka ji, daga aljihunka za ya fito.

Laminu ɗalibi: To yaya mutum zai gane ruwa ya yi yawa tun ana zubawa?

Baba Idi Maso: Wannan ba sai da boko ba. In an zuba, tsakuwa ta nutse, ruwa ya taso ya kwanta sama yana ƙyalli, madarar siminti na tsiyaya ta tsakanin katako, ya yi yawa. In ya bushe ka goga ƙafa, gari ya tashi. Mai kyau in ka ɗebo a cokalin gini ka karkata, sulalewa yake a dunƙule.

Alhaji Sani: Mun soya rairan yanzu a tasar uwargida, ta ce sai na saya mata wata. Giram 1000 ya dawo 955.

Hadiza: 45 a kan 955, kashi 4,7. Cire 1, saura 3,7. A kilo 90 lita 3,3 ke nan, ruwan zubawa lita 21,7. A auna lita 20 a bokiti a ja layi da fenti, a fara da shi, sauran biyun a riƙe a hannu sai an ga kwaɓin. A duba bidon ma, akwai masu lita 20. Kuma awon yau na yau ne, Alhaji. In an sake ruwa daren Juma'a, ko Kawu Mamman ya kawo sabuwar tifa, a sake soyawa da asubar Asabar.

Baba Idi Maso: Na safe dai za ya yi da 22. In rana ta take ku zo ku gani ko ba a koma bido ba. Alhaji, ƙarfe nawa za ku fara? Zan biyo in tsaya kusa da tano.