Hoton yaro mara lafiya da lambar asusu: ya kuke tantancewa?

Maman Ilham, Jekadafari: Jama'a ku taya ni. An turo mini hoton wani yaro a WhatsApp, cikinsa a kumbure, ga robar ƙarin ruwa a hannu, wai dubu ɗari huɗu ake nema kafin Juma'a. Na tura dubu biyar. Bayan kwana uku hoton ya sake zuwa, amma da wata lambar asusu daban. Raina ya ɓaci, don kuɗin cefane na tsakura.

Baban Sadiq: Hajiya, ai da kin ga asusun na mutum ɗaya ne ba na ƙungiya ba, damfara ce. Ni sai na duba sunan a shafin CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, in babu rajista ba na bayarwa.

Anti Ladi, ma'aikaciyar jinya: Malam, wannan ma'aunin na gidauniya ne. Talakan da ya kawo ɗansa daga Kumo ina ya ga rajista? Asusun ƙaninsa zai bayar. Abin da na fi gani shi ne yaron na gaskiya ne, ciwon ma haka, sai wani ya kwafi saƙon ya cire lambar iyayen ya sa tasa. Don haka hoton kaɗai ba ya isa. Ki tambayi asibitin da ɗakin da aka kwantar da shi, ki je da ƙafarki ko ki aika wani. In kin same shi, ki karɓi takardar kuɗin ki biya a wurin biyan kuɗi na asibitin, ki kai wa uwar yaron rasit. Inda ake biya ta Remita, tsarin biyan kuɗi ta intanet, lambar biya da za a ba ki, wato RRR, za ta nuna miki sunan asibitin da adadin kafin ki biya. Mai gaskiya murna yake yi da haka. Wanda ya ce a'a, shi dai a tura masa, to a nan nake tsayawa.

Auwal Pantami: Ni Google Lens, manhajar binciken hoto, na sa wa wani hoto, sai ga shi a wani shafin ƙasar waje tun 2019. Sannan kafin ka danna tura kuɗi banki yana nuna sunan mai asusu. An ce uban yaro Malam wane, sunan da ya fito na wata mace ne. Na kira na ce a haɗa ni da mai jinya ta bidiyo, aka kashe waya.

Inna Asabe: 'Ya'yana, sadaka ai niyya ce, ladan Maman Ilham yana nan. Ni kunya nake ji in titsiye mai neman taimako.

Maman Ilham: Haka ne Inna, amma in yaron yana kwance, kuɗin bai kai gare shi ba. Anti Ladi, na kira lambar wayar da ke saƙon farko an ɗauka, sun faɗi ɗakin. Gobe in sha Allah zan leƙa. In na tarar ba su ne suka karɓa ba, banki zan fara zuwa ko 'yan sanda?