Neman shawara: cire zafi daga amsar korafi ba tare da sauya matsayin kamfani ba

Jama'a, ga inda na makale. Wani abokin ciniki ya nemi a mayar masa da kudin kaya bayan kwana 45, alhali ka'idar kamfani kwana 30 ce, kuma a wasikarsa ya kira mu 'yan damfara. Daftarin farko ya fara da "Da kun karanta sharuddanmu kamar kowa...". Na goge wannan layin, na cire alamar motsin rai da kalmomi irin su "a fili yake", na mayar da "kun makara" zuwa "wa'adin ya cika ranar 3 ga wata". Zafin ya sauka.

Matsalar tana wajen ban hakuri. Idan na rubuta "muna ba ku hakuri", sai ya zama kamar mun amsa laifi, har ya samu kafar dawowa da bukatarsa. Idan na cire shi gaba daya, wasikar ta koma sanarwar kotu. Na gwada "mun fahimci bacin ranku", amma da zarar "amma" ta biyo baya sai ta rushe shi.

To, kin amincewar a layin farko ya kamata ta zo, ko bayan an ambaci gyaran kyauta da za mu iya yi masa? Kuma zargin damfarar, a amsa shi da jimla daya ko a kyale shi?