Wace katifa zan saya? Ciwon baya da zafi sun hana ni barci

Assalamu alaikum. Nauyina kilo 95, katifata ta soso ce mai inci 6, shekararta 4, ta lotsa a tsakiya. Kullum da asuba ƙuguna a riƙe yake, sai na ɗan yi tafiya yake sakina. Na juya ta, na sa katako a ƙasa, duk a banza.

Na kwana biyu a kan katifar yayana, irin soson nan da ke ɗaukar siffar jiki. Ciwon ya ragu, amma na nutse ciki, zufa sharkaf, ga zafin Afrilu babu wuta. Mai sifirin ta fi sanyi, sai dai wadda na gwada a shago tana lilo.

Mai nauyina, wacce za ta riƙe ƙugu ba tare da tara zafi ba?