Hannun ɗan damben nan lumewa yake yi ko ratsawa? Neman kalmar Hausa ta `clipping`

Gwajin_Dare:
Assalamu alaikum. Ni ke gwada wani ƙaramin wasa da muke haɗawa mu biyar a Unity, kuma da Hausa muke rubuta rahoton tangarɗa saboda mai zana mana motsi ya fi sakewa da ita. Jiya na maƙale a kan kalma ɗaya. Jaruminmu ɗan dambe ne mai faɗin ƙirji. In yana tafiya lafiya lau, in yana sassarfa ma haka, amma da zarar na danne `Shift` ya sheƙa da gudu, sai gwiwar hannunsa na dama ta shige cikin haƙarƙarinsa duk lokacin da hannun ya koma baya. Ba ta fasa komai, ba ta tura komai, ɓacewa kawai take yi cikin jikin sannan ta fito. A manhajar da muke ajiye rahoto lakabin da ake maƙala wa wannan shi ne `clipping`. Na rubuta "hannu yana yankewa", sai mai zanen ya ɓata rabin yini yana neman inda hannu ya rabu da kafaɗa. Laifina ne, kalmar ce ta kai shi can. Me zan kira abin?

Mai_Sauti:
Wa alaikumus salam. Ai mu a sutudiyo mun daɗe da wannan kalma. In murya ta wuce ƙarfin da na'ura ke iya ɗauka, sai saman igiyar sautin ya datse, ka ji tana karcewa. "Datsewa" muke cewa. Ka ɗauka kawai, ba sai an sha wahala ba.

Inna_Ƙashi:
Malam Mai Sauti, kalmar Turancin ɗaya ce amma abin biyu ne, har uku ma. Naku datsewa ce ta gaske, domin akwai abin da aka sare. Na biyu na kyamara ne: a Unity akwai `Clipping Planes`, inda `Near` yake zuwa da 0.3, kuma duk abin da ya matso kusa da kyamara fiye da haka ba a zana shi. Wannan ma in ka ce datsewa ba ka yi ƙarya ba. Amma na ƙanin nan ba a sare komai ba. Hannun yana nan cikakke, cikin ƙirjin yake zaune. Injin ba ya duba ko dantse ya taɓa haƙarƙari, ƙasusuwan jiki ɗaya ba sa karo da juna sai an gina musu hakan musamman. Kusurwar da aka rubuta wa ƙashi a firem kaza, can zai je, ko da nama ne a wurin. Don haka duk kalmar da ke nuna yanka ko sara za ta sake tura mai gyara wurin da ba ciwo.

Ɗan_Zinder:
To a ce "kutse". Hannu ya yi kutse cikin jiki.

Gwajin_Dare:
Na yi tunaninta, ɗan'uwa, amma kutse ta riga ta zama ta masu fasa kwamfuta. In na sa "kutse" a kan rahoto, shugaban aikinmu zai zaci an shiga sabarmu ne.

Malamin_Nahawu:
Bari in jera abin da harshe ya ba mu. "Hudawa" tana barin rami, nan kuwa babu rami. "Ɓullewa" tana duban wancan ɓangaren, wato inda abu ya fito. "Nutsewa" ta ruwa ce, kuma abin da ya nutse yakan tafi gaba ɗaya. "Lumewa" ita ce ƙafa a cikin yashi ko yatsa a cikin tuwo mai laushi: wani sashe ya shige, saura yana waje. "Ratsawa" kuwa ita ce ta haske da gilashi, ko sanyi da riga, abu ya wuce ta cikin abu bai bar tabo ba. A ganina ratsawa ce ta kama ainihin abin, domin rashin tabon shi ne alamar wannan tangarɗa. Sai mu ƙera suna: "ratsa-jiki".

Hajiyar_Fassara:
Malam, na bi ka har ƙofa amma ban shiga ba. "Ratsa jiki" tana da mai ita. Karatu mai ratsa jiki, wa'azi mai ratsa jiki, yabo ne. Ranar da aka rubuta "gudun jarumi yana da ratsa-jiki", wani zai karanta ya ce madalla. A bar fi'ilin tsirararsa, a faɗi me ya ratsa me.

Inna_Ƙashi:
Kafin a yanke, ƙanina, amsa min abu uku, domin kalmar da za ka sa ta danganta da abin da ke faruwa. Na farko, tsakanin sassarfa da gudu kuna gauraya motsin ne a `Blend Tree`? In haka ne, tsayar da wasan, ka ja lambar saurin da hannunka zuwa ƙarshe ta yadda motsin gudu kaɗai ke aiki, ka ga ko hannun yana shigewa. Wani lokaci motsi biyu kowanne lafiyarsa ƙalau, a tsakiyar gaurayawa ne hannu ke bin hanyar da babu wanda ya zana ta. Na biyu, kunna `Wireframe` ka matsa kusa: fatar haƙarƙari tana bin hannun tana miƙewa, ko tana zaune hannun ne ke shigarta? Na uku, in `Humanoid` kuke amfani da shi, sa alama a `Mirror` na motsin gudun ka sake dubawa.

Gwajin_Dare:
Na yi duka, Inna. Matakanmu 0 tsayuwa, 2 tafiya, 4 sassarfa, 6.5 gudu. A 4 babu komai. Wajen 5.5 gwiwar ta fara gogar jiki, a 6.5 ta shige sosai, ke nan ba gaurayawar ba ce, gudun kansa ne. Zagayen gudun firem 20 ne, kuma daga firem na 6 zuwa na 9 abin ke faruwa, ya fi muni a na 8. Fatar haƙarƙari ba ta motsa ba ko kaɗan. Da na sa `Mirror` kuwa, sai hannun dama ya warke, na hagu ya ɗauka.

Inna_Ƙashi:
Alhamdulillahi, ka gano shi. Tunda ciwon ya bi motsi ya koma hagu, ba a jikin jarumin yake ba, a cikin motsin yake. Ina kyautata zaton tafiya da sassarfa mai zanenku ne ya yi su a kan wannan ɗan damben, gudun kuma daga waje kuka samo.

Gwajin_Dare:
Haka aka yi. Gudun kaɗai muka sauko da shi.

Inna_Ƙashi:
To an ɗauki motsin ne a jikin siririn mutum. Injin kusurwa yake kwafowa, ba tazara ba. Kusurwar da ta bar ɗan fili tsakanin gwiwar hannu da haƙarƙarin siriri, a jikin mai faɗin ƙirji cikin nama za ta faɗa. Ga shi mai gudu yana naɗe gwiwar hannu yana jefa ta baya sosai, abin da mai tafiya ba ya yi. Hannu ɗaya kuma saboda ɗan Adam ba ya gudu daidai wa daida, wanda aka ɗauka ya fi matse na dama. Gyaran da na fi yarda da shi, a kai motsin cikin manhajar Blender, a buɗe ƙashin dantsen dama waje kaɗan a duk zagayen, a fara da digiri 5 ana ƙarawa har firem na 8 ya fita. Kada a gyara firem huɗun nan kaɗai, hannun zai riƙa zabura.

Ɗan_Zinder:
Akwai hanya mai sauƙi ai. Shiga `Muscles & Settings` na jarumin, ka rage iyakar `Arm Down-Up`, hannu ba zai ƙara sauka ya manne da jiki ba. Minti biyu. Ni haka na yi wa nawa.

Inna_Ƙashi:
Yana aiki, ban musa ba. Sai dai wannan saitin na jarumin ne, ba na gudun ba, don haka tsayuwa da tafiya da sassarfar da suke lafiya duk za su canza, ka ga ɗan dambe tsaye hammata a buɗe. In duk motsinka daga waje suke, hanyarka ce daidai. Nasu ɗaya ne ya kauce.

Baba_Tela3D:
Ni ma ina da irin wannan. Na yi wa jarumi babbar riga, da ya ɗaga hannu sai kafaɗarsa ta leƙo ta saman rigar, kuma gefen rigar yana bin hannun yana jawuwa kamar cingam. Lumewa ce ita ma?

Malamin_Nahawu:
Baba, abu biyu ka kawo. Kafaɗar da ta leƙo "ɓullowa" ce, na ciki ya fito waje. Rigar da ke bin hannu kuwa "jawuwa" ce kamar yadda ka faɗa da bakinka, kuma in na fahimci Inna, ita ce dalilin da ta ce a duba ko fata tana miƙewa.

Inna_Ƙashi:
Ƙwarai. Jawuwa a `Weight Paint` ake maganinta, an ba ƙashin hannu iko a kan fatar da ba tasa ba. Shi ya sa ba na so a haɗa su a suna ɗaya. Ni dai lumewa na zaɓa wa na ƙanin nan, don tana sa mai karatu ya tambaya "har ina?", kuma wannan tambayar ce mai gyara yake buƙata.

Hajiyar_Fassara:
Ni kuma ina tsoron lumewa a matsayin lakabi. Ranar da jarumi ya wuce ta cikin bango ya fita ɗaya gefen fa? Bai lume ba, ya ratsa. Lakabi ya zama "ratsawa", a cikin bayani a ce ya lume ko ya ɓullo.

Ɗan_Zinder:
A wajenmu in ka ce ratsawa, wani zai ji kamar ratse hanya. Ni kilifin ɗin zan ci gaba da cewa a baki, kowa ya gane.

Gwajin_Dare:
Na gode muku duka. Lakabin dai na bar shi "ratsawa" zuwa lokacin da za mu zauna mu biyar, don ni ma maganar bangon ta tsaya min. Ga yadda na sake rubuta rahoton: "Gwiwar hannun dama na ɗan dambe tana lumewa cikin haƙarƙari a lokacin gudu kaɗai. Yadda za a gani: danne `Shift` har sauri ya kai 6.5, kalli jarumi ta baya. Firem na 6 zuwa na 9 cikin 20, mafi zurfi a na 8. Babu a tafiya da sassarfa. Fata ba ta jawuwa. Da `Mirror` yana komawa hagu." Na haɗa da hoton firem na 8. Mai zanen ya karanta sau ɗaya ya buɗe Blender, yanzu yana kan digiri 8, ya ce saura ɗan gefen gwiwar.

Baba_Tela3D:
To ɓullowar kafaɗata fa, Inna, a ƙarƙashin ratsawa zan sa ta ko lakabinta daban?